Hotsifot ya yi aiki, amma kada ka yi saurin ɗora wa kamfani laifi

Ina da ɗan shago a Zariya inda muke buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom ta intanet, muna ciro musu sakamakon jarrabawa. Intanet ɗin shagon daga wata rauta take zuwa, irin wadda ake sa mata sim, ta ɗauko sabis daga turken kamfani ta raba wa kwamfutoci ta waifai. Ƙannena da ke shirin buɗe irin wannan sana'a, ko waɗanda aka damƙa wa kula da intanet ɗin gida ko ofis, ga abin da ya ci min kuɗi da lokaci kafin in gane kansa.

Wata safiya intanet ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Shafi zai fara buɗewa, sai ya tsaya cak. Ga ɗalibai huɗu a kan benci, ɗaya a cikinsu ranar ce ta ƙarshe da za a rufe fom ɗinsa. Na kunna hotsifot a wayata, na haɗa laftof, nan take komai ya buɗe. Sai na ce shi ke nan, kamfanin da ke ba rauta sabis ne ya lalace. Na kira su har sau uku a ranar, a kira na uku na ɗaga wa yarinyar da ta amsa murya, ita kuwa tana ta ce min a wajensu babu matsala a yankinmu. Kwana biyar ina aiki da datar waya, ga kuɗin wata guda da na riga na zuba wa rauta yana tafiya a banza.

Kuskurena shi ne layin da ke cikin wayata na wani kamfani ne daban. Da na koma kan hotsifot, abu biyu na canza a lokaci guda: na bar rauta, na kuma bar kamfaninta. Don haka abin da gwajin ya tabbatar min kaɗan ne. Ya nuna laftof ɗina lafiyarta ƙalau, shafin da nake nema shi ma yana aiki. Amma tsakanin rauta da kamfani, bai nuna mai laifi ba, domin na kauce musu su biyun tare. Wannan shi ne abin da mafi yawan masu wannan gwaji ba sa lura da shi.

A rana ta shida wani abokina mai gyaran waya ya leƙo. Bai yi doguwar magana ba. Ya kashe rauta, ya zare sim ɗinta, ya ɓalle shi daga ɗan firam ɗin roba da ke riƙe da shi domin ya shiga ramin waya, ya sa a wayata, ya kunna data da hotsifot. Ya ajiye wayar daidai inda rauta take zaune, a kan kantar nan ta kusa da taga. Muka haɗa laftof. Intanet ta zo, ba ko gargada, har muka ɗora hoton wani ɗalibi a fom ba tare da ya yanke ba.

Ya dube ni ya ce, «Malam, layi ɗaya ne, wuri ɗaya ne, kwamfuta ɗaya ce. Me ya canza?»

Rauta kaɗai ce ta canza. A nan ne gwajin ya zama gwaji na gaske. In sim ɗin rauta ya yi aiki a cikin waya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, to kamfani ya fita, datarka ba ta ƙare ba, ba a rufe layin ba, turken yankin yana aiki. In kuwa sim ɗin ya ƙi aiki a wayar ma, alhali wayar tana aiki da nata layin, hankalinka ya koma kan layin ko kamfanin. Ajiye wayar a gurbin rauta yana da muhimmanci, domin sabis na iya bambanta tsakanin bakin taga da ƙuryar ɗaki mai rufin kwano, kuma in ka fita waje da wayar ka sake canza abu biyu.

Da muka san rauta ce, sai muka mayar da sim, muka nemi inda ciwon yake. Abokina ya buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a laftof ya rubuta `ipconfig`, ya duba layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke wurin ita ce adireshin rauta. Tamu 192.168.0.1 ce, wasu 192.168.1.1 ne, wasu kuma 192.168.8.1. Sai ya buɗe taga biyu ya sa waɗannan, kowanne a tagarsa:

```
ping -t 192.168.0.1
ping -t 8.8.8.8
```

Na farko yana ƙwanƙwasa ƙofar rauta ne kawai, bai fita daga shago ba. Na biyu yana wucewa ta rauta, ta turken kamfani, har zuwa wata na'urar Google da ke waje. In na farko yana amsawa lafiya, na biyu yana rubuta Request timed out, to tsakaninka da rauta babu matsala, yankewar daga rauta zuwa waje take. In su biyun suka mutu tare, matsalar tana cikin ɗakinka. Namu sun yi ta amsawa, na farko cikin milisakan biyu zuwa uku, har sai da muka fara sauke wani babban fayil. Nan take dukansu suka ɗauke. Na ɗaga kai na ga fitilun rauta sun mutu gaba ɗaya, sannan suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Kashe kanta take yi tana sake tashi.

Adafta ce. Ta asali ta ƙone watanni kafin nan lokacin da aka kawo wuta mai ƙarfi, na sayi wata a kasuwa saboda bakinta ya shiga ramin. A ƙasan rauta an rubuta 12V 1A, a jikin adaftar da na saya kuwa 12V 0.5A. Rabin ƙarfin da ake buƙata ke nan. Tana iya kunna fitilu da waifai, amma da zarar rauta ta fara magana da turke da ƙarfi, sai wutar ta gaza. Ta yi watanni tana lallaɓawa kafin ta gaji. Muka sa adafta mai 12V 1.5A, matsalar ta wuce. Lambar farko, mai V, dole ta zo daidai da abin da aka rubuta a jikin rauta, ta biyu kuwa, mai A, ta kai ko ta fi, kada ta gaza. Har yau ina jin nauyin yadda na yi wa yarinyar nan magana, domin gaskiya ta faɗa min tun kiran farko.

Akwai iyaka ga wannan musanyar sim. Wasu layukan an tsara su don rauta kaɗai, ba za su ba da data a waya ba, saboda haka ƙin aikinsu a waya ba hujja ba ce. Wani lokacin kuma wayar ba ta ɗauki saitin APN, wanda ke haɗa ta da intanet ɗin kamfani, na sabon layin ba, sai ka duba shi a cikin Settings. In sim ɗin ba zai fitu ba, nemi wayar wani da ke kan kamfani ɗaya da rautarka, ka yi hotsifot da ita a wurin. Bai kai musanyar sim ƙarfi ba, domin ba zai nuna maka ko datarka ce ta ƙare ba, amma zai nuna ko turken yankin yana raye. Wanda intanet ɗinsa ta kebul ce da aka ja har cikin gida, irin ta faiba, ba shi da sim da zai zare. Shi hotsifot zai wanke masa kwamfuta ne kawai, sauran aikin na ping ne da kallon fitilu. Fitilar da aka rubuta LOS in ta yi ja, haske ba ya isowa ta kebul ɗin, aikin ma'aikatan kamfani ne.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, kuma ya zo ne bayan ina ganin na iya. Intanet ta sake ɗaukewa wata rana, na kunna hotsifot, na haɗa laftof, shiru. Na ce to tunda rauta ta ƙi, waya ta ƙi, laftof ce ta samu matsala. Na goge ta na sake sa Windows, yini guda ya tafi, wasu takardun kwastomomi da ban kwafe ba suka bi ruwa. Da yamma na ɗauki wayar na ga alamar waifai a saman fuskarta. Ashe tana haɗe da rautar shago tun safe. Wayoyi da yawa na yanzu suna iya karɓar waifai su sake raba shi ta hotsifot, don haka intanet ɗin da ta mutu a rauta ita ce wayar take miƙo min ta wata ƙofa. A ranar kuwa da gaske kamfanin ne ya ɗauke, maƙwabcina mai shagon POS da ke kan layinsu shi ma a zaune ya yini.

Tun daga ranar, kafin in kunna hotsifot sai na kashe waifai na wayar, na buɗe wani shafi a wayar kanta da datarta, na ga ya buɗe da idona. Sannan in zare kebul ɗin da ke haɗa laftof da rauta in akwai, domin Windows takan fifita shi a kan waifai, in kuma duba sunan waifai ɗin da laftof ta kama, kada ta koma wa rauta da kanta. In laftof tsohuwa ce ba ta ga hotsifot ɗin ba sam, ba lalacewa ta yi ba. Sau da yawa wayar tana watsawa ne a kan 5 GHz, tsofaffin kwamfutoci kuwa 2.4 GHz kaɗai suke gani, sai ka canza a saitin hotsifot.

Ka kuma kula da datarka. Laftof ba ta san bambancin waifai na shago da na waya ba a kowane lokaci, tana iya fara sauke sabuntawar Windows a ɓoye, kafin ka ankara gigabait guda ya tafi. Da zarar ka haɗa, shiga Properties na wannan haɗin ka kunna Metered connection. Gwajin kansa ba ya cin komai, ping da buɗe shafi biyu ko uku ba su wuce 'yan megabait ba, minti goma sun isa.

Yanzu in zan kira kamfani, da takarda a hannuna nake kira. Ina rubuta lokacin da abin ya fara, in ce na sa sim ɗin a waya a wuri ɗaya ya ƙi, layin wani kamfani kuwa ya yi aiki a kwamfutar, rauta tana amsa ping amma 8.8.8.8 ba ya amsawa. Wanda ya amsa kiran ba ya sake ce min in kashe in kunna, yakan wuce kai tsaye ya duba layin ko ya ba ni lambar ƙorafi, ni kuma in rubuta ta a ƙasan takardar.