Ranar da na je duba ɗakin haya

Yau da safe na bi abokin karatuna zuwa unguwar da ke bayan jami'a domin mu duba ɗakin da dillali ya daɗe yana yi mana tallarsa. A jami'armu 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe ake fara ba wa gado a ɗakunan kwanan ɗalibai, mu kuwa 'yan aji uku sai abin da ya rage, shi ya sa tun kafin a dawo hutu kowa yake neman mafita. Da gangan na ƙi hawa abin hawa, na duba agogo tun daga ƙofar makaranta. Dillali ya ce tafiyar minti 10 ce, amma sai da muka yi minti 27 a ƙafa.

Ɗakin ba laifi, yana da taga biyu, kuma an yi masa sabon fenti. Fentin ne ma ya sa na tsargu, domin da na shafa bangon daga ƙasa sai na ji sanyin danshi, na kuma ga wani tabo mai ruwan ƙasa a kusurwar silin, alamar rufin yana yoyo da damina. Na murɗa famfo, ko ɗigo bai zo ba. Mitar wuta ɗaya ce ga ɗakuna 8, wato duk ranar da katin ya ƙare sai an bi kowa an karɓi nasa kason, kuma mai fitila ɗaya zai riƙa biya daidai da mai dafa abinci da lantarki.

Duk waɗannan ana iya jurewa ko a gyara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da na yi a bayan littafina muna zaune muna jiran mai gidan. Hayar shekara ta ninka kuɗin gadon makaranta sau 4, idan muka raba biyu kowa zai biya ninki 2. A kan wannan akwai la'adar dillali ta kashi 10 cikin 100, da kuɗin ajiya na wata ɗaya saboda ɓarna, sannan kuɗin mota na kwana 5 a mako har mako 34, wanda ya kama tafiya 340 zuwa da dawowa. Da na haɗa, kasona ya haura ninki 3.

Sai dai ba yawan kuɗin ne ya fi damuna ba, kalanda ce. Kuɗin gadon makaranta na shekarar karatu ne, idan aka ɗaga jarrabawa gadon yana nan har a gama. Haya kuwa wata 12 ce cur, ba ruwanta da abin da ke faruwa a aji. Mai gidan yana so a fara ƙirga daga ranar 1 ga watan gobe, alhali sai bayan mako 6 za a fara lakca. Zango biyu na mako 17 kowanne, da hutun mako 3 a tsakaninsu, sun zama mako 37. Idan aka ƙara makonni 6 na farko da za mu biya ɗaki yana kulle, mako 43 ke nan, saura mako 9 kacal daga cikin 52. Ashe idan kalandar makaranta ta goce fiye da mako 9, hayar za ta ƙare muna tsakiyar jarrabawa, kuma a lokacin ko dai mu kwashe kaya ko mu biya wata shekara sukutum saboda 'yan makonni.

Da mai gidan ya fito muka gaisa, sai na ce, "Baba, idan shekara ta cika ba mu gama jarrabawa ba, za ku yarda mu riƙa biya wata-wata har mu gama, a kuma rubuta hakan a takardar yarjejeniya?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Yaro, ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba, ka bari na yi shawara." Dillali dai ransa bai so ba, sai cewa yake akwai masu jira da kuɗinsu a hannu. Na kuma roƙi a sa sunayenmu duka biyu a takardar, kowa da rasidinsa, domin idan sunana kaɗai aka rubuta, abokina ya canza ra'ayi a tsakiyar shekara, ni mai gida zai riƙe.

Abokina yana son ɗakin sosai, kuma ban ga laifinsa ba, bara su 6 ne a ɗakin mutum 4, ga hayaniya har tsakar dare. Na ce masa ba zan ba da ko sisi ba sai na ga sharaɗin wata-wata a rubuce. Gobe da ƙarfe 8 za a buɗe neman ragowar gadajen makaranta, na riga na ajiye rasidin kuɗin makarantata kusa da waya.