Ɗaki Ɗaya, Wuri Uku

Ɗakin da na kama a Samaru ƙafa 12 ne kowane ɓangare, kuma mai gida ya hana buga ƙusa barkatai. Sai na sa kafinta ya haɗa min kanta mai tsayin ƙafa 5, na gindaya ta a tsakiya, katifa tana bayanta. Ragowar gefen na ɗaura labule a igiya daga kantar zuwa ƙarfen taga.

Labulen farko mai kauri ne, zafin Afrilu ya sa bayan kanta ya koma kamar tanda. Na canza mara nauyi wanda bai kai silin ba, iskar fanka ta riƙa tsallakawa.

Kwanuka da risho suna bakin ƙofa saboda hayaƙi. Tabarmar cin abinci kuwa, da an gama sai a naɗe, wurin ya zama na baƙi.