Hoton ƙuraje a WhatsApp da ƙazwar da ta zagaye gidan yayata

Aikina a ƙaramin asibiti ne, irin na sha-ka-tafi, to kun san duk wanda yake aikin lafiya a dangi shi ne likitan kowa, wayata cike take da hotunan fatar mutane. Yayata ta turo min hoton cikin ɗanta mai shekara tara, ƙuraje ƙanana barbaje wajen cibiya, ta ce Auta duba min mene ne wannan, yaron nan ba ya barci. Kafin ni ta riga ta saka a guruf ɗin gida, wata ta ce ƙurajen zafi ne, wani ya ce kuɗin cizo, gwaggonmu ta ce borin jini ne a nemo masa saiwa. Kuma wallahi in hoton kawai za a bi kowa yana da hujja, don ni ma da na zuƙo shi ban ga abin da zai raba gardama ba.

Sai na kira ta. Na ce Yaya yaushe ya fi susa? Ta ce da rana yana wasansa lafiya lau, amma da an kwanta sai ka ji ƙarar farce kar-kar-kar har asuba. Na ce waye kuma yake susa a gidan? Ta ɗan yi shiru sannan ta ce ƙaninsa da suke katifa ɗaya, ita ma kwanan nan wuyan hannunta na damunta amma ta ɗauka omo ne. Nan na fara zargin ƙazwa, kuma ku lura babu ɗaya daga cikin amsoshin nan da yake cikin hoto.

Da na je gidan ban tsaya kan cikin ba, hannunsa na kama muka fita tsakar gida inda rana take. Na ware yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ga su nan a tsakankanin yatsu, ƙananan ƙuraje wasu da ɗan ruwa, wasu an sosa sun yi ɓawo. Cikin wuyan hannu akwai, gwiwar hannu, gaban hammata, layin da tazugen wando yake kwanciya, ɗuwawu. Na ce babansa ya duba masa gabansa, ya dawo ya ce akwai wasu 'yan kullutu masu tauri. Fuska da kai kuwa fes. Wannan rabon wurare shi ne sa hannun ƙazwa, kuma kullutu masu ƙaiƙayi a gaban ɗa namiji kusan ba sa ƙarya. Ga mata a duba kewayen kan nono. Jarirai ne suka bambanta, su tana kama musu tafin hannu da tafin ƙafa har da kai da fuska, shi ya sa na juya ƙafar 'yar goyon da ke bayan yayata, sai ga 'yan ƙuraje masu ruwa a gefen tafin.

Abin da ke kawo ta ƙwaro ne ɗan mitsitsi, macen ba ta kai rabin milimita ba, tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kullum. Ramin nan in an dace ana ganinsa, ɗan siririn layi a karkace, gajere, yawanci kamar tsawon ƙwayar shinkafa. A baƙar fata da wuya ka gan shi, to akwai dabara: na goga tawadar alƙalami a wurin da nake zargi a gefen yatsa, na share da auduga mai sifirit, tawadar saman ta goge amma wadda ta shiga ramin ta tsaya, ɗan layi baƙi. Yayata ta ce innalillahi wato abu ne a ciki yake tafiya.

Abin da mutane ba su sani ba, a jikin mutum gaba ɗaya yawanci ƙwarin ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Duk wannan ƙurajen da suka cika ciki da cinya jiki ne yake bore saboda ƙwaron da ƙwansa da kashinsa, ba wai kowane ƙurji da ƙwaro a ciki ba. To uwa in za ta ɗau hoto ina za ta ɗauka? Inda ya fi muni mana, ciki ko baya, wurin da ya fi kama da kowace irin cutar fata, ta bar tsakanin yatsu inda shaidar take. Ga kuma hotunan intanet da ake gwadawa da su, mafi yawa farar fata ce da jajayen ƙuraje, mu a fatarmu jan nan ba ya fitowa, sai dai duhu-duhu ko toka-toka, filashin waya ya ƙara wanke shi. Susa ma tana canza kama, in ƙwayoyin cuta suka shiga wurin ya yi mugunya sai a yi ta maganin gyambo a manta da abin da ya jawo susar. Sannan ga kirim ɗin kemis mai aiki uku da aka riga aka shafa wa yaron, akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙurajen hoto ya yi kyau, ƙwaro kuwa na nan yana ƙwai abinsa.

Batun dare, ɗumin shimfiɗa da bargo na tayar da ƙaiƙayi, ƙwarin sun fi motsi a fata mai ɗumi, ga shi babu wasa babu hira da zai ɗauke hankali. Amma ƙaiƙayin dare shi kaɗai ba hujja ba ne, bushewar fata lokacin hunturu ma tana yi, kuɗin cizo ma da dare yake aiki, sai dai shi ya fi cizon inda tufa ba ta rufe ba kuma za ka ga ɗigon baƙi a ɗinkin katifa. Sai an haɗa dare da wuraren da ƙurajen suke da wani a gida mai susa.

Rigimar da muka yi da mijin yayata kan magani ce, ya ce shi lafiyarsa ƙalau me zai sa ya shafa. Na ce Yallaɓai wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai, kuma duk lokacin nan yana iya rabawa, wanda ya taɓa yi ne yake ji cikin 'yan kwanaki. Ma'ana yaron ma tun wajen wata guda kafin ya fara susa ya kwaso ta. Kowa ya shafa dare ɗaya, kirim ɗin fametirin mai kashi 5, daga wuya har tafin ƙafa, ƙarƙashin farce da cibiya da gaba duka, ba kan ƙuraje kawai ba, ya kwana a jiki awa 8 zuwa 14, wanda ya yi alwala a tsakani ya sake shafa wa hannu da ƙafa, bayan sati a maimaita. 'Yar goyon ta wuce wata biyu don haka ita ma an shafa mata, har kai, aka kauce wa ido da baki. Inda babu fametirin akwai farin ruwan nan benzil benzowet, yana aiki amma yana da raɗaɗi, yara sai an sirka musu, kar a yi da ka a tambayi ma'aikacin lafiya. Zannuwa da kaya aka wanke da ruwan zafi aka shanya a rana, abin da ba ya wankuwa aka ɗaure a leda aka ajiye sati, tunda ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba ya jikin mutum.

Bayan shafawa ta biyu sai ga wani hoton, Auta har yanzu yana susa fa, a ƙara? Na ce a'a Yaya, ƙaiƙayi na iya kaiwa sati 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, yawan shafawa ma ƙona fatar zai yi, a sa masa basilin, ki ware yatsunsa da rana ki duba, in kin ga sababbin ƙuraje a inda da babu ko wani ya fara susa a gidan ki kawo min shi asibiti in gani da idona.