Yadda na ceto muryar da na kusa kashewa da tacewa

Yayana ne ya karanta mini wani labari na minti ashirin, ni kuma na naɗa, da niyyar in shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙarƙashinsa. Ɗakin da muka zauna babu komai a ciki sai tebur da kujeru biyu, ƙasa tayil, bango tsirara. Makirufon na kan tebur, tazararsa da bakinsa ta kai santimita 60. Muna gamawa ya yi tafiya, sai bayan kwana biyu na sa abin sauraro a kunne na ji abin da muka kwaso. Abu biyu ne suka tare ni. Na farko wani shuuu da ba ya yankewa daga farko har ƙarshe. Na biyu, kowace kalma tana jan jela a bayanta, kamar mutum na magana a ɗakin wanka.

A lokacin na ɗauka cuta ɗaya ce, magani ɗaya zai yi musu. A nan na fara ɓata lokacina.

Muryar ta shiga ƙasa-ƙasa, a ma'aunin ƙarfin sauti na desibel, wato dB, inda sifili ne ƙololuwa, mafi ƙarfinta bai wuce -17 ba, shuuu ɗin kuma yana wajen -58. A haka ba ya damun kowa. Amma da na ɗaga muryar da desibel 14 don ta kai inda ake so, shi ma ya biyo ta ya hau -44, domin ɗagawa ba ta san murya ba, ba ta san ƙara ba, duk abin da ke cikin fayil take ɗauka. Sai na buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti, na zaɓi wani ɗan gurbi da na zaci shiru ne, na shiga `Noise Reduction` na danna `Get Noise Profile`, sannan na zaɓi naɗin duka na sa a rage desibel 24. Shuuu ya ɓace fes. Na tura wa yayana ina murna.

Ya kira ni ya ce, "Kai, wane ne wannan? Ni na yi magana ko wani ne daga cikin rijiya?"

Na ce, "Yaya, ai ƙarar na cire maka."

Ya ce, "To ka haɗa da ni ka cire."

Gaskiyarsa. Da na sake saurare da kunnen basira, sai na ji muryar ta zama kamar ana magana ta cikin ruwa, bayan kowace kalma wasu 'yan ƙararraki suna ƙyal-ƙyal kamar an karkaɗa ƙananan kwalabe, haruffan "s" da "sh" da "ts" duk sun dakushe. Jelar amsa-kuwwar kuwa tana nan daram, har ta fi fitowa, tunda shuuu ɗin da yake ɗan lulluɓe ta ya tafi.

Abin da manhajar take yi ba sihiri ba ne. Tana duba gurbin da ka ba ta, ta auna ƙarfin ƙarar a kowane zango na sauti, daga mai kauri zuwa mai siriri, ta riƙe wannan a matsayin kamannin abokin gaba. Daga nan duk inda sauti a wani zango bai ɗara wannan ma'aunin sosai ba, sai ta danne shi. Wannan yana aiki ne kawai saboda shuuu na na'ura ko na fanka ba ya canza kama, yadda yake a minti na farko haka yake a na ashirin. Matsalar ita ce "s" da "f" su ma iska ce mai shuuu, a zango ɗaya suke zaune da ƙarar, don haka in ka matsa hannu su ne farkon tafiya. Ƙyal-ƙyal ɗin kuma guntattakin ƙara ne da suka tsallake tarko nan da can, suna leƙowa suna ɓacewa.

Ashe kuma na yi wani kuskuren tun a tushe. Gurbin da na ba ta yana bin bayan wata kalma ne kai tsaye, akwai jelar muryar a ciki, har da ɗan jan numfashi. Wato na nuna mata muryar yayana na ce ga ƙara nan. Akwai wani zaɓi a ƙasan akwatin mai suna `Residue`, wanda ke jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai. Da na kunna shi sai ga kalmomi ina ji sarai, har ina iya bin labarin. Tun daga ranar ban ƙara tace murya ban bi ta wannan zaɓin ba. In shuuu kawai na ji, na san ina kan hanya. In na tsinci kalma ko ɗaya, na san na ci naman muryar.

Na koma kan asalin fayil ɗin, wanda Allah ya taimake ni ban goge ba, kuma WAV ne, wanda ba a matse sautinsa ba, ba MP3 ba, na sake ɗaga shi da desibel 14 kamar da. Wannan karon na fara da `High-Pass Filter` a 80 Hz, Hz ɗin shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti, gangara desibel 12, don ya share ƙugin da ke can ƙasa inda murya ba ta da wani abin kirki. Muryar namiji mai kauri kan sauko kusa da nan, shi ya sa ban haura ba. Sannan na nemo inda yayana ya tsaya juya takarda, na sami daƙiƙa biyu cif da ba numfashi ba motsi, nesa da kalmar ƙarshe. Da shi na ɗauki sabon ma'auni, na sa haka:

```
Noise reduction (dB): 9
Sensitivity: 6.00
Frequency smoothing (bands): 3
```

Shuuu ya sauka daga -44 zuwa wajen -53. Bai mutu ba, ina jin sa in na ƙure ƙarar abin sauraro. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in ƙara, amma sai na ɗora kiɗan a ƙasa tukuna don in ji yadda za su zauna tare. Shiru kake ji. Kiɗan da ke desibel 18 zuwa 20 ƙasa da murya ya haɗiye ragowar shuuu ɗin gaba ɗaya, domin ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Don gwaji na ɗora kiɗan a kan wancan na farko da na ƙwaƙule, sai na ji muryar rijiyar tana nan yadda take. Kiɗa yana rufa wa ƙara asiri, amma ba ya rufa wa muryar da aka lalata. Wannan ne ya sauya mini ma'auni: na daina yanke hukunci a kan murya ita kaɗai, sai na ji ta tare da kiɗan da za ta zauna a kai. Kiɗan ma ba duka ɗaya ba ne. Wanda ke da sauti mai ɗorewa ya fi rufewa, mai tsinke-tsinke da gurabe a tsakani yakan bar ƙofa a buɗe.

Amsa-kuwwa ce ta ba ni wuya, kuma har yau ban ce na ci ta da yaƙi ba. Ita ba baƙuwa ba ce a cikin naɗin. Muryar ce da kanta ta bugi bango da tayil ta dawo a makare, sau ɗaruruwa, kowace dawowa ta fi ta baya rauni. Tana canzawa da kowace kalma, ba ta da kama ɗaya da za ka nuna wa manhaja. Rabinta ma tana kwance ne a kan kalmar da ke biye, ba a cikin shiru ba. Abin da na iya yi ragewa ne ta hanya biyu.

Da farko na nemi inda ɗakin ya fi kumbura muryar. A `Filter Curve EQ` na ɗaga wani siririn zango sosai, na riƙa matsar da shi tsakanin 200 da 500 Hz ina saurare, har na iso inda muryar ta yi bum-bum kamar daga cikin kwali. A wannan ɗakin wajen 300 Hz ne. Sai na juya, na rage wurin da desibel 4. Na gwada 8, muryar ta rame ta koma kamar ta cikin waya, na dawo 4.

Sannan `Noise Gate`, wanda yake kamar mai gadin ƙofa: in sauti ya yi ƙasa da iyakar da ka sa, sai ya tura ƙyaure. Karon farko na bar shi ya rufe ruf, abin ya yi muni, domin ɗakin yana bayyana da kowace kalma ya ɓace da ƙarewarta, kunne kuma ya fi lura da abin da ke zuwa yana tafiya fiye da abin da ke zaune. Ƙarshen kalmomi ma ya riƙa guntulewa. Sai na sa iyakar a -38, ragewar desibel 8 kacal, buɗewa cikin mili-daƙiƙa 10, jira 50, rufewa a hankali cikin 150. Jelar ta gajarta ba tare da an ji hannun da ya yanke ta ba. Wadda ke kwance a kan kalmomi kuwa tana nan, na haƙura da ita. Akwai manhajojin da aka ƙera musamman don rage amsa-kuwwa, na gwada ɗaya, ta taimaka a ɗan ƙaramin mataki, da na ƙara mata sai muryar rijiya ta dawo.

Jerin aikin ma na koye shi ne da tuntuɓe. Na taɓa sa `Compressor` kafin tacewa, abin ya dagule. Aikinsa danne wuraren da murya ta yi ƙarfi, sannan a ɗaga duka, wato yana kusanto da mai rauni ga mai ƙarfi. Shuuu da jelar ɗaki kuwa su ne masu raunin. Bayan haka ƙarar takan riƙa hawa da sauka tare da magana, ma'aunin da aka ɗauka ya daina dacewa da ita. Yanzu shi ne na ƙarshe kafin kiɗa, kuma a wannan naɗin da sauƙi na sa shi, 2:1, don kada ya tono abin da na sha wuya na binne. Na kuma bar kiɗan yana gudana a duk guraben shiru, yana ɗan ɗagowa in yayana ya tsaya, ta hanyar `Auto Duck`.

Da yayana ya dawo akwai sakin layi biyu da ya yi tuntuɓen harshe a ciki, muka sake naɗarsu. Wannan karon na matso da makirufon zuwa santimita 15, na ɗan karkatar da shi gefen baki don kada "b" da "f" su busa shi. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, muryar da ke zuwa kai tsaye tana ƙaruwa da kusan desibel 6, amsa-kuwwar ɗaki kuwa kusan tana nan yadda take. Daga 60 zuwa 15 rabi biyu ke nan, desibel 12 a kyauta, fiye da abin da na samu a kwana uku ina jan layuka a allo. Na rataya bargo mai kauri a bayansa, na shimfiɗa wani a kan tayil, na kashe fanka, na kuma ce ya yi shiru na daƙiƙa goma kafin ya fara don in sami ma'auni mai tsabta.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Sakin layin nan biyu sun fi sauran kyau har ana jin wurin ɗinkin, kamar an sauya ɗaki a tsakiyar labari. Dole na ɗan ƙara musu amsa-kuwwa da hannuna, na kuma shimfiɗa shirun tsohon naɗin a ƙarƙashinsu, kafin suka saje da 'yan uwansu.