Yadda danshi ya riƙa hawa bangon ɗakina

Damina uku a jere fentin ɗakina yana kumbura yana ɓantarewa daga ƙasa zuwa daidai gwiwa, sannan wani farin gari mai kama da kanwa ya fito a kan shafen. Da farko na zargi rufi, amma saman bangon a bushe yake ƙayau, kuma iyakar jiƙar ta tsaya a layi guda kamar an shata ta. Na sa aka sake shafe wurin da siminti mai kauri, sai ga shi a damina ta gaba laimar ta wuce inda take, ta kusa kai ƙugu.

Lagwanin fitila ne ya fahimtar da ni. Kananzir yana can ƙasan fitila, amma yana bin ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zaren ya hau har bakin wuta, domin yana manne wa zaren, wanda ya manne kuma ya jawo na bayansa. Gwargwadon ƙanƙantar ƙofa, gwargwadon nisan hawa: a bututun gilashi mai faɗin milimita 2 ruwa yana tashi kimanin santimita 1.5 ne kawai, amma idan faɗin ya ragu sau goma, hawan ya ninku sau goma. Shi ya sa tsakuwa ba ta ɗaga ruwa sosai, alhali laka mai laushi tana iya jawo shi sama da mita guda. Na tsoma gindin bulo a cikin daro mai ruwa kaɗan, na riƙa yi wa iyakar jiƙar alama da alli, kafin magariba ta haura nesa da bakin ruwan.

Bango yana shan ruwa ta ƙasa yana fitar da shi ta jiki, kuma danshin yana tsayawa ne a inda bushewa ta yi daidai da shigowa. Farin garin nan gishirin da ruwan ya ɗauko ne, ya bushe ya bar shi. Simintin da na lafta ya toshe hanyar bushewar, don haka ruwan ya ƙara hawa yana neman mafita.

Da muka tona gindin bangon ta waje, sai muka tarar ledar da magina ke shimfiɗawa a kan harsashi, wadda suke kira difisi, tana nan lafiyarta lau. Cikon ƙasar da na yi a tsakar gida ne ya binne ta, ruwa ya samu gada ya tsallake, ga indararo kuma yana zuba daidai wurin. Muka kwashe cikon har sai da difisin ya koma santimita 15 sama da ƙasa, muka zuba tsakuwa, muka karkata ruwan indararo zuwa rariya. Na kankare shafen mai gishiri, na bar bulon a fili har hunturu ya wuce, domin bango mai kauri yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, sannan aka yi sabon shafe mara nauyin siminti. Damina biyu ke nan fentin bai motsa ba.