Katin suna: taro biyu a takarda ɗaya

Cikin ayyukan da muke bugawa a shagona, katin suna ne mafi gaggawa. Katin biki ana kawo shi da wata guda, shi kuwa na suna kwana bakwai ne duka tsakanin haihuwa da taro, kuma galibi sai an ci kwana biyu ko uku uban jariri yake tunawa da mu. Shi ya sa kafin in taɓa kwamfuta nake zaunar da mutum in yi masa tambayoyi.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne suna taro biyu ne. Akwai raɗin suna na maza da sassafe, inda liman zai yi addu'a a raba goro da dabino, akwai kuma yinin suna na mata. Sau da yawa ba wuri ɗaya ake yin su ba, musamman a haihuwar fari, inda mai jego take gidan iyayenta wajen wanka. Idan kati ya ɗauki adireshi ɗaya kawai, mata za su tafi gidan miji su tarar ba kowa.

Misalin yadda nake tsara shi a kwatan takardar A4: a sama, "Iyalan Alhaji Wane da na Malam Wane suna farin cikin gayyatar", sai layin ɗige-ɗige da za a rubuta sunan baƙo da biro, gabansa Alh., Haj. ko Mal. Sunan kakanni nake sawa a gaba, na wajen uba sannan na wajen uwa, domin su ne masu taron, ga kuma kunyar ɗan fari. Daga nan sai in raba katin gida biyu. Raɗin suna: Talata, ƙarfe 6:30 na safe, ƙofar gidan kakan jariri. Yinin suna: Talata, ƙarfe 4:00 na yamma bayan la'asar, gidan iyayen mai jego. Kowanne da kwatancensa, kamar "bayan masallacin Juma'a, layi na biyu", tunda lambar gida kaɗai ba ta kai baƙo ko'ina a unguwanninmu. Lambar waya biyu a ƙasa, ta namiji da ta mace.

Ranar ma ina tantance ta. In aka ce mini "daren Talata aka haihu", sai na tambaya: Litinin bayan magariba ake nufi, ko Talata da dare? Amsar tana iya matsar da sunan da kwana guda, don haka nakan ce a fara jin ta bakin manya.

Sunan jariri ba ya hawa kati, tunda ba a raɗa shi ba tukuna. Ayar Alƙur'ani kuma nakan roƙi mutum ya haƙura da ita, saboda bayan taro katin a ƙasa yake ƙarewa. Kafin a buga, mai aikin zai karanta gwaji guda da idonsa, ya duba rana da kwanan wata da sunayen kakanni, sannan mu saki inji.