Asusuna ya yi barci kuma an sa masa takunkumi: yadda na buɗe shi

Idan kuɗi suka ƙi fita daga banki, yawancinmu cewa muke yi an rufe mana asusu, ko an kulle akawun. To amma a wurin banki abu biyu ne daban, kuma maganin kowanne daban. Akwai asusun da ya yi barci saboda mai shi ya daɗe bai taɓa shi ba, wanda ake rubutawa Dormant a kwamfutarsu. Akwai kuma wanda aka sa wa takunkumin cire kuɗi, wanda ma'aikatan banki ke kira PND, wato Post No Debit. Nawa asusun ya haɗa duka biyun.

Asusun albashi ne na wurin aikina na farko a Kaduna. Da na canza aiki aka buɗe mini wani a wani bankin, na bar ragowar naira dubu 84 a tsohon da niyyar su zama ajiyar ko-ta-kwana. Shekaru suka wuce ban taɓa su ba. Saƙon alat yana shigowa jefi-jefi, yau an ɗan ƙara riba, gobe an cire kuɗin saƙo, sai nake ganin ai asusun yana motsi. Wannan motsin ba ya cikin lissafi. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, abin da ake dubawa shi ne hada-hadar da mai asusu ya yi da kansa, ba wadda banki ya yi ba. Idan aka yi wata shida ba ta, asusu ya shiga sahun marasa aiki, idan aka cika shekara ɗaya ya zama mai barci. Banki yana yin haka ne don kada wani ya lallaɓa ya kwashe kuɗin da mai su ya kawar da ido a kansu.

Na gane akwai matsala ranar da wani abokina ya biya ni bashin naira dubu 40 ta tsohuwar lambar asusuna da ke wayarsa. Kuɗin sun shiga lafiya, alat ya zo, balas ya nuna dubu 124 da 'yan kai. Na je wurin mai POS na unguwarmu, ya sa kati, na'ura ta ƙi. Na gwada tura dubu ɗaya kacal ta manhajar bankin, ita ma ta ƙi. Alamar ke nan da ta fi kowace bayyana: kuɗi na shiga amma ba sa fita, ko da kaɗan ne, ta kowace hanya. Da a ce katin ne kawai ya ƙi amma tura kuɗi ta waya ya yi, da sai in zargi katin, wataƙila wa'adinsa ya ƙare. Da matsalar natwok ce kuma, ana jimawa za ta wuce.

Wasu manhajojin suna nuna matsayin asusu a ƙarƙashin lambarsa, Active ko Dormant ko Restricted, amma tawa ba ta nuna komai ba. Sai na kira lambar da ke bayan katin. Bayan an tambaye ni sunana da ranar haihuwa, aka ce asusun yana barci, in je reshe mafi kusa. A nan nake ba kowa shawara ya ƙara tambaya ɗaya kafin ya ajiye waya: bayan barcin, akwai wani takunkumi a kai, kuma wane sashe ne ya sa shi? Amsar ita ce za ta gaya maka takardun da za ka ɗauka.

A teburin kula da abokan hulɗa aka ba ni fom na farfaɗo da asusu, shafi ɗaya. Na cike suna, lambar asusu, adireshi, lambar waya, da dalilin barin asusun, na sa hannu. Sun karɓi katin shaida, hoton fasfo, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan saboda na tashi daga tsohon gida. Ma'aikaciyar ta kwatanta sa hannuna da wanda ke kwamfuta, ta sa na ɗora yatsa a na'urar BVN. Ba a karɓi ko sisi ba, kuma bai kamata a karɓa ba, domin ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ta ce farfaɗo da asusu kyauta ne, a kuma kammala shi cikin kwana uku na aiki. Sai ta ƙara duba allon ta ce, "Malam, barcin mai sauƙi ne. Amma akwai PND a kai, ba a haɗa NIN ɗinka ba."

Asalin wannan shi ne umarnin da Babban Banki ya fitar a watan Disamba 2023, cewa asusun mataki na ɗaya, wato mafi ƙanƙanta a matakan asusun banki, dole ya kasance da BVN ko NIN, na mataki na biyu da na uku kuma su kasance da duka biyun, wanda bai cika ba a hana cire kuɗi daga cikinsa a 2024. Ni na buɗe nawa tun kafin a fara maganar NIN a banki. Wanda ya manta lambobinsa zai iya samo su daga layin da ya yi rajista da shi, ana cire 'yan kuɗi kaɗan:

```
*565*0#
*346#
```

Ta farko tana kawo BVN, ta biyu NIN, kowacce lamba 11 ce.

Na ba ta lambar, ta shigar, kwamfuta ta ƙi haɗawa. Ta juyo mini da allon na gani da idona: a BVN an rubuta Mohammed, a NIN kuma Muhammad. Mu da muke da sunaye irin su Muhammad, Abubakar, A'isha da Usman, waɗanda kowane magatakarda ke rubutawa yadda ya ga dama, wannan ya fi cin mu, kuma abin yana damuna domin na ga dattawa a layin nan da kuɗinsu suka maƙale a kan harafi biyu. Dole a zaɓi ɗaya a gyara. Gyaran NIN na hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC ne, gyaran BVN kuwa a banki ake yi. Na zaɓi in gyara BVN ya bi NIN, tunda fasfona ma Muhammad ne. Na yi takardar rantsuwa a kotu mai nuna sunayen biyu na mutum ɗaya ne, na cike fom na gyaran bayanai, na jira. Barcin ya tashi da wuri, amma kuɗin ba su fita ba sai da gyaran ya bayyana aka haɗa NIN, sannan sashen da ya sa takunkumin ya cire shi. An ce in yi hada-hada nan take, na cire dubu biyar a kanta.

Ba kowane PND ne na takardu ba. Ƙaramin asusun mataki na ɗaya ba ya riƙe fiye da naira dubu 300, in kuɗi suka haura sai an ɗaga matakinsa. Wani kuma ƙorafi ne aka shigar cewa kuɗin damfara ko na kuskure sun faɗa ciki, ko kotu ce ta ba da umarni. Irin wannan ma'aikacin tebur ba shi da ikon cirewa, don haka ka nemi a ba ka dalilin a rubuce da lambar ƙorafi, in banki ya ja ƙafa ka kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Saƙon da ke cewa ka danna wani wuri ko ka turo PIN ko OTP don a buɗe maka asusu kuwa na ɓarayi ne.

Kuɗin asusu mai barci ba sa zama na banki. In ya kai shekara goma a haka, ana mayar da su wani asusun amana a Babban Banki, kuma mai su ko magadansa za su iya nema ta hannun bankin da aka ajiye su. Ni dai yanzu duk bayan wata biyu ko uku ina sayen katin waya na naira ɗari biyu daga wancan asusun, kuma na tabbatar layin da ke kansa yana hannuna.